Rabon kuɗin tallan wata: nawa ne na neman sababbin mutane, nawa ne na bibiyar waɗanda suka san ki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da zannuwan gado da labule a Tumfure, nan Gombe, kuma ciniki duk ta WhatsApp nake yi. Kowane wata ina ware naira 300,000 don talla a Facebook da Instagram. Na ga tallan da ke bin waɗanda suka taɓa kallon kayana ya fi arha, sai na mayar da rabin kuɗin can. Sati biyu na farko abin ya yi kyau, yanzu kuwa saƙo ya ragu, kuɗi sai tafiya suke. Don Allah nawa ya kamata in ba kowane ɓangare?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Za ki ji masu harkar nan suna cewa kashi 70 da 30, wasu su ce 80 da 20. Ni ba na fara rabo da kaso. Tallan bibiya yana da iyakar abin da zai iya ci, kuma yawan mutanen da ke cikinsa ne ke yanke wannan iyakar. Don haka shi ake fara lissafawa, a ba shi daidai cikinsa, duk abin da ya rage kuma a tura shi neman sababbin fuska. Idan aka bi ta nan, kason da kansa yake fitowa.

Kafin lissafi, mu dubi yadda cinikinki yake tafiya. Kamar mazurari yake, sama faɗi, ƙasa tsuke. A sama akwai matan Gombe da kewaye da ba su taɓa jin sunan shagonki ba. A tsakiya akwai waɗanda suka tsaya suka kalli bidiyon zanin gado har rabi, ko suka leƙa shafinki, ko suka danna alamar so, amma ba su yi magana ba. A ƙasa kuma akwai wadda ta turo saƙo ta ce "nawa ne mai ruwan toka ɗin nan?", kika faɗa mata, ta ce za ta dawo, shiru. Na tsakiyar nan su ake bibiya da talla. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, babu wanda ke shiga tsakiyar sai ta sama ya biyo. Tallan bibiya ba ya haifar da mutum ko ɗaya, ɗiba yake yi daga randar da tallan sama ya cika.

Kuma randar tana yoyo. Idan kika haɗa Custom Audience, wato jerin waɗanda za a bibiya, na waɗanda suka taɓa shafinki cikin kwana 30, to jerin ba a tsaye yake ba. Duk wayewar gari, waɗanda suka cika kwana 31 ba su sake taɓa komai naki ba suna fita. Meta, kamfanin Facebook da Instagram, ta yarda ki ja kwanakin har 365 ga masu taɓa shafi da masu kallon bidiyo, amma matar da ta kalli labule wata takwas da suka wuce ta riga ta yi jerenta ko ta manta da ke. Ga kaya irin naki, kwana 30 ya isa.

Yanzu lissafin. Lambobin da zan kawo misali ne na ɗora don ki ga hanyar, naki na gaskiya suna cikin Ads Manager, inda ake sarrafa tallan, ki ɗauko su ki maye gurbin nawa.

Da farko, 300,000 ɗin ba duka ke zama talla ba. Tun farkon 2022 Meta ke ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan tallan da ake biya daga Najeriya. Idan 300,000 ne iyakar abin da zai fita daga hannunki, abin da zai yi aiki kusan 279,000 ne. Da shi za mu yi rabo.

Sai ki buɗe tallan bibiyarki, ki saita kwanakin zuwa 30 da suka wuce, ki duba ginshiƙai uku: Reach, Frequency da CPM. Na farko yawan mutanen da tallan ya isa gare su ne. Na biyu sau nawa kowane mutum ya gani a matsakaici. Na uku kuɗin nuna tallan sau dubu. Na fi yarda da Reach a kan ƙiyasin girman jerin da ake nuna miki a shafin Audiences, domin ba duk wanda ke cikin jeri ake samu ba: wata datarta ta ƙare, wata ta yi sati biyu ba ta hau ba. A ce jerinki mutum 12,000 ne, amma waɗanda ake iya samu a wata 8,400 ne. A ce kuma CPM ɗinki naira 1,200 ne.

Saura tambaya ɗaya, wadda ke ce za ki amsa ta: sau nawa kike so mace ɗaya ta ga tallanki a wata? Ni ga zanin gado nakan tsaya a wajen sau shida, wato sau ɗaya ko biyu a sati. Ba doka ba ce, abin da na ga yana tuna wa mutum ba tare da ya gundure shi ba ne. Ga yadda ake haɗawa:

```
kuɗin bibiya = Reach × Frequency × CPM ÷ 1000
8,400 × 6 × 1,200 ÷ 1000 = 60,480
```

Naira dubu sittin ke nan a wata, dubu biyu a rana. Wannan shi ne cikin tallan bibiyarki. Sauran 219,000, wato kusan 7,300 a rana, na neman sababbi ne. Idan kika duba kaso, ya faɗo wajen 22 da 78. Kin ga ya yi kusa da abin da masu cewa 80 da 20 ke faɗa, amma ke yanzu kin san daga ina ya fito, kuma kin san ranar da zai canza. Wanda jerinsa ya kai mutum dubu arba'in, nasa kason zai haura. Wanda ya buɗe shafi jiya kuwa ba shi da wanda zai bibiya, watansa na farko duka na neman sababbi ne.

To mu juya lissafin mu ga abin da ya faru da kika ba shi rabi. Naira 140,000 a kan CPM na 1,200 tana sayen nuni wajen 116,000. Ki raba wa mutum 8,400, kowacce ta ga tallanki kusan sau 14 a wata. A sati biyun farko abin zai yi daɗi, domin duk wadda dama tana dab da saye an tunkuɗo ta ta saya da wuri. Cinikin da zai zo a hankali cikin wata ne ya taru a kwana goma. Bayan nan sai ya rage saura waɗanda ba su shirya ba, kina ta biyan kuɗi ana nuna musu abin da suka riga suka haddace.

Ɓarnar da ta fi wannan kuma a sama take, inda ido ba ya zuwa. Jerin mutum 12,000 na kwana 30 yana nufin kullum wajen mutum 400 ke fita, kuma sai an samu 400 sun shigo kafin ya tsaya yadda yake. Da kika rage kuɗin sama daga wajen 219,000 zuwa 140,000, masu shigowa sun koma kamar 250 a rana. Idan wata ya zagayo jerin ya sauko wajen 7,500, waɗanda ake samu a cikinsu ba su fi dubu biyar da 'yan kai ba, kuma kuɗi ɗaya ake zubawa a kansu. Kowacce yanzu za ta gani sama da sau ashirin. Shi ya sa matsalar ba ta bayyana ranar da aka yi kuskuren, sai bayan sati uku ko huɗu, lokacin da mutum ya manta abin da ya taɓa, ya fara zargin hoto ko ya ce kasuwa ce ta mutu.

Na taɓa yin wannan da hannuna a tallan wani mai takalma a Bauchi, shekarun da na fara. Ranar da na gane, muna zaune a shagonsa bayan La'asar, wayarsa na kan kwali, sai ya miƙo mini ya ce in karanta. Wata ce ta rubuta a ƙarƙashin tallan: "Haba, kullum ku ne, mun gani ai." Na buɗe Frequency na ga inda ya kai, na yi shiru. Kuɗin bawan Allah ne nake kashewa ina damun mutanen da suka fi kowa kusa da saye a wurinsa. Tun daga ranar, kafin in duba komai a tallan bibiya, wannan ginshiƙin nake fara dubawa.

Yanzu maganar arha, domin ita ce ta ja ki, kuma ita ke jan kowa. Mu ci gaba da misalinmu. A ce a sama kowace sabuwar hira ta WhatsApp tana cin naira 600. Da 219,000 za ki samu hira 365, idan ɗaya cikin goma ta saya, oda 36 ke nan, kowace oda ta ci kusan 6,000. A bibiya kuma a ce hira tana cin 350. Da 60,000 za ki samu wajen 170, idan ɗaya cikin shida ta saya, oda 28, kowacce ta ci 2,100 da 'yan kai. Duk wanda ya kalli 6,000 da 2,100 zai ce a kwashe kuɗin a kai wa mai arha. Amma waɗannan mata 28, wa ya fara nuna musu zanin? Tallan sama ne ya biya kuɗin gabatarwa, na bibiya ya zo ya karɓi ciniki, aka rubuta masa ladan shi kaɗai. Kamar yaron shago ne da ke tsaye a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi, alhali wani ne ya shiga rana ya jawo kwastoman. Ba za ki sallami wanda ya shiga rana don ba a hannunsa aka biya ba.

Saboda haka lambar da za ki riƙe ɗaya ce: duk abin da kika kashe a wata, a raba da duk odar da kika samu. A misalin nan 300,000 a kan oda 64, kowacce ta ci kusan 4,700. Idan ribarki a oda ɗaya 8,000 ce, kin tashi da sama da dubu 200 bayan an cire talla. Duk wani canjin rabo da za ki yi, da wannan lambar za ki auna shi. Idan kika matsar da kuɗi, arhar bibiya ta yi kyau a allo amma wannan lambar ta tashi, to hasara kika yi. Kuma tunda a WhatsApp ake kammala ciniki, Meta hira kawai take ƙirga miki da tabbaci, ba ta san wadda ta tura kuɗi ba. Littafinki ne zai faɗa. Ki riƙa rubuta kowace oda da ranarta, ko ki yi amfani da alamomin da ke cikin WhatsApp Business ki raba "ta tambaya" da "ta biya".

Akwai kuma gwajin da nake so ki yi ko sau ɗaya ne, domin wasu daga cikin matan da bibiya ke kawowa dama za su dawo da ƙafarsu ko ba a bi su ba. Ki kashe tallan bibiya na kwana 14, ki bar na sama yadda yake, ki ƙirga odar gaba ɗaya. Sai dai ki kula da abin da za ki kwatanta da shi. Gombe gari ne da albashi ke motsa kasuwa, don haka ba a kwatanta tsakiyar wata da ƙarshensa. Ki ɗauki 1 zuwa 14 na wannan wata ki auna da 1 zuwa 14 na wanda ya wuce, kuma kada ki yi gwajin dab da Sallah ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Idan oda ta faɗi sosai, bibiya na aikinta, ki mayar mata da dubu sittin ɗinta. Idan da ƙyar kika ga bambanci, ki rage mata zuwa rabi ki ƙara wa sama.

Duk wannan rabon kuma ba zai tsaya ba sai an yi katanga tsakanin ɓangarorin biyu. Ki yi su a kamfen biyu daban, kowanne da kuɗinsa. Idan kika haɗa su a kamfen ɗaya kika kunna Advantage+ campaign budget, na'urar ce za ta riƙa raba kuɗin da kanta tana bin inda sakamako ya fi sauƙi, rabon da kika zauna kika lissafa ya tashi a banza. Sannan a tallan sama ki cire jerin kwana 30 ɗin nan da jerin waɗanda suka riga suka saya, ta wurin da ake ware mutanen da ba a so tallan ya je wa. Idan ba ki cire ba, Meta za ta karkata ga waɗanda suka san ki saboda sun fi saurin amsawa, sai ki zaci kina neman sababbi alhali bibiya kike yi sau biyu. A tallan bibiya kuma ki cire masu saye na wata ɗaya ko biyu da suka wuce. Jerin masu saye da lambobin wayarsu ake haɗa shi, a rubuta su da 234 a gaba, a ɗora a matsayin Customer list. Lambobin mutane amana ne, na kwastomominki kaɗai za ki ɗora, ba jerin da aka sayo a wani wuri ba.

Wani abin da ke cin kuɗin masu ƙaramin kasafi shi ne yayyanka shi. Kowane ad set, wato rukunin talla da ke cikin kamfen, yana buƙatar sakamako wajen 50 a cikin kwana bakwai kafin ya fita daga matakin koyo ya daidaita. Hira 365 a wata ta kama kusan 85 a sati. Idan a wuri ɗaya suke, kin haye 50 lafiya. Idan kika raba huɗu, ɗaya na amare, ɗaya na ma'aikata, ɗaya na Bauchi, ɗaya na Instagram, kowanne zai samu ashirin da ɗoriya, babu wanda zai gama koyo, duka huɗun su yi ta tangal-tangal da tsada. Ki bar sama a ad set ɗaya, ki sa masa talla uku ko huɗu mabambanta a ciki. Na bibiya shi ma ɗaya. Shi wataƙila ki ga an rubuta masa Learning limited, tunda hira 170 a wata wajen 40 ce a sati. Kada wannan ya sa ki ƙara masa kuɗi don rubutun ya ɓace, ƙaramin jeri haka yake.

Su kuma na ƙasan mazurari, waɗanda suka tambayi farashi suka yi shiru, ban ware musu ko kwabo ba, da gangan. 'Yan ɗaruruwa ne a wata, kuma suna cikin wayarki. Bayan kwana biyu ki gaishe ta, ki tura mata ɗan bidiyon zanin da ta tambaya a shimfiɗe a kan gado, ki gaya mata idan tana cikin gari ana kai mata har gida. Sau ɗaya, ko biyu idan ta amsa, daga nan ki ƙyale ta. Wannan ya fi duk tallan da za ki biya.

Abin da ake nunawa ma ya kamata ya bambanta, in ba haka ba rabon kuɗin ba zai yi amfani ba. Wadda ba ta san ki ba, kaya take buƙatar gani: hannu yana shafa yadin, an ja labule rana ta dushe. Wadda ta riga ta gani sau biyu kuwa wani abu ne ya tsayar da ita, kuma yawanci ɗayan uku ne: farashi, tsoron a cuce ta, ko yadda kayan zai iso ta. To tallan bibiya ya amsa waɗannan. Ki faɗi farashin ƙarara, ki nuna shagon da fuskar unguwar, ki faɗi yadda ake aikawa Kumo ko Bajoga ko Kaltungo da kwana nawa yake ɗauka. Ki riƙa sauya shi duk bayan sati biyu ko uku, domin mutane ɗaya ne ke gani.

Game da halin da kike ciki yau, ki sauko da bibiya nan take zuwa abin da lissafinki ya ba ki. Ki yi lissafin da Reach na yanzu, wanda na tabbata ya ragu, don haka wataƙila ki samu dubu arba'in ne ma ba sittin ba. Sama kuma kada ki ninka masa kuɗi a dare ɗaya, babban canji na iya mayar da shi koyo daga farko. Ki riƙa ƙara kamar kashi 20 cikin ɗari duk bayan kwana uku har ya kai 7,300 a rana. Ki sa a ranki cewa sati biyu ko uku na farko ba za ki ga daɗi ba, randa ce ake sake cikawa, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su koma gidan jiya.

Daga nan duk ranar Litinin ki duba kwana bakwai da suka wuce. Idan Frequency na bibiya ya haura uku a sati kuma kuɗin hira na hawa, ki rage masa ko ki sauya tallan. Idan bai kai ɗaya da rabi ba kuma Reach na ƙaruwa, jerin ya yi girma, ki ƙara masa kaɗan. Tunda kuɗi sun fi shiga hannun mutane a ƙarshen wata, za ki iya ba bibiya 1,500 a rana a tsakiyar wata, ki ɗaga zuwa 3,000 na kwana goman da albashi ke shiga, jimillar ta tsaya a dubu sittin ɗinta. Shi ma saman ki sa masa ido, domin garin Gombe kaɗai ba shi da faɗin da zai ɗauki wannan kuɗin har abada. Ranar da kika ga Frequency nasa na hawa wata bayan wata, Reach kuma ya tsaya wuri ɗaya, to kin zagaye garin. A lokacin sai ki faɗaɗa da'irar ta haɗa da Kumo, Billiri da Dukku, ko ki ƙara Bauchi, muddin kin tabbatar akwai motar da za ta kai kayan kuma kuɗin aike ba zai cinye ribar ba.